Yadda malamin wasanni zai rubuta wa shugaban makaranta takardar neman kuɗin sake kayan wasa

Takardar neman kuɗi ba ta tsayawa a teburin shugaban makaranta. In ya karanta, zai yi rubutu a gefenta ya tura wa mataimakinsa ko ma'aji, wani lokaci ya ɗauke ta zuwa zaman kwamitin kula da makaranta ko taron iyaye da malamai, wani lokaci kuma ya haɗa ta da tasa takardar zuwa ofishin ilimi. Yawancin waɗanda za su riƙe ta ba su taɓa leƙa siton kayan wasa ba, ba kuma za su kira ka su tambaye ka ba. Saboda haka takardar da ta ce "kayanmu sun lalace, a taimaka mana da sababbi" ba ta ba kowa abin da zai sa wa hannu ba. Wadda ke samun amsa ita ce wadda ta faɗi me ya lalace, guda nawa, nawa za a kashe, da kuma wanne ne ba zai jira ba. Rabin aikin a sito da fili ake yin sa, kafin a ɗauki biro.

Misalin da za a bi a nan ƙaramar sakandare ce a Zariya, mai aji shida, kowane aji ɗalibai wajen 60, da darasin motsa jiki na minti 40.

Fara da sito

Nemi littafin sito, wato wanda aka rubuta kayan da makaranta ta mallaka. In babu, ka ja layi a sabon littafi ka fara naka. Kada ka yi ƙidayar kai kaɗai. Ka gayyaci mai kula da sito ko mataimakin shugaba, a fito da komai waje a baje a rana, ku ƙirga tare, ku sa hannu ku biyu a ƙarshen lissafin. Dalilin haka shi ne tambayar farko da ake yi wa malamin wasanni ita ce: ina waɗanda aka saya a baya? In littafi ya ce ƙwallo takwas ne, ka nuna takwas ɗin, ko da uku sun zama fata kawai. Tsohuwar ƙwallon da ta fashe ita ce shaidarka, don haka kada a zubar da ita, kada kuma a bar wa yaran unguwa, sai hukumar makaranta ta gani ta amince a cire ta daga littafi.

Kowane abu ka sa shi cikin ɗaya daga kashi uku: mai kyau, mai gyaruwa, da wanda ya mutu. Wannan rabon ne ke sa a yarda da kai, don shugaba ya ga ba sabo kawai kake nema ba.

Ƙwallon ƙafa ba a yanke mata hukunci da ido. Ka buga wa kowace iska da yamma, ka rubuta mata lamba da maka, ka dawo washegari. Wadda ta kwana da ƙarfinta mai kyau ce. Wadda ta yi laushi, ka sake cika ta, ka danna ta cikin bokitin ruwa kana juyawa a hankali. In kumfa yana fitowa daga bakin da ake sa allura, bakin ne ya lalace, kuma yawanci laifin tura allura a bushe ne, ba a jiƙa ta ba. In kumfan yana tsiyayowa ta ɗinki, robar ciki ce ta huje, galibi ƙaya ko tsidau daga gefen fili. Ƙwallon da aka ɗinke da zare tana gyaruwa: mai gyaran takalmi zai farke ɗinki ɗaya, ya yi faci ko ya sake robar, ya mayar. Wadda aka manne da gam ba ta karɓar wannan aikin. Wadda kuma ta yi ƙulu a gefe ɗaya, ko fatarta ta saɓule har zaren ciki ya fito, ta tafi, ko da tana riƙe iska, don ba za ta gangara daidai ba.

A misalinmu, cikin takwas an samu biyu masu kyau, uku masu gyaruwa, uku matattu. Ƙwallon raga uku ce, ɗaya kawai ta rage.

Raga a shimfiɗe ake duba ta a ƙasa. In ramuka biyu ko uku ne, igiya za ta ɗaure su. In ka ja zaren da yatsa biyu ya tsinke ba wuya, rana ta cinye shi, ɗauri ba zai yi amfani ba. Ragar da aka naɗe aka jefa a ƙasan sito tun damina kuwa, sau da yawa gara ko ɓera sun riga ka.

Turakun gola su suka fi cancanta ka ɓata musu lokaci, kuma su ne aka fi mantawa da su. Bututun ƙarfe ba daga sama yake ruɓewa ba. A daidai inda ya shiga ƙasa yake cinyewa, inda laima ke zama tun daga watan Yuni har Satumba, sama kuwa fenti yana nan kamar lafiya lau. Ka tone ƙasa kamar faɗin tafin hannu a gindin kowace ƙafa, ka ƙwanƙwasa da guduma. In tsatsa tana zubowa ɓawo-ɓawo, ko ƙarfen ya lotsa, ko ka girgiza turken ka ga gindin yana motsi, wannan ya wuce batun wasa. Yara suna lilo a sandar sama lokacin tara, kuma gola mai faɗin mita 7.32 in ta faɗo wa yaro a ka ko a ƙirji tana iya kashe shi. Ranar da ka gano haka ka sanar da shugaba da baki, a kwantar da ita ko a hana zuwa wurin. Takarda ta biyo baya.

Katifar tsallen sama kuma ka taka tsakiyarta da ƙafa ɗaya. In ka ji ƙasa a tafin ƙafarka, soson ya mutu, yaron da ya faɗo a kanta da baya kamar a ƙasa ya faɗo. Sai akwatin agajin gaggawa: a duba ranar ƙarewar kowane abu, a rubuta abin da babu.

Ka ɗauki hoton duk abin da ya mutu da wayarka, musamman gindin turken, a buga uku ko huɗu a takarda ɗaya. Hoton ƙarfen da ya huje ya fi sakin layi guda aiki.

Nawa za ka nema

A nan ne malamai da yawa ke kuskure, su rubuta "ƙwallaye goma" don goma ta yi daɗin faɗa. Adadin ya fito daga aji. Aji mai ɗalibai 60 da ƙwallo biyu yana nufin yara 30 a layi ɗaya. Cikin minti 40, in ka cire fitowa fili da ɗumama jiki da komawa, abin da ya rage bai wuce minti 25 ba, wato kowane yaro bai sami ko minti ɗaya da ƙwallo ba. In aka raba su goma-goma, ƙwallo shida ake bukata a lokaci guda, da biyu a ajiye saboda wadda za ta sace a tsakiyar darasi. Takwas ke nan. Kana da biyu, za a gyara uku, sai a sayi uku. Wannan lissafin ka saka shi cikin takardar da jimla biyu, don shi ne amsar "me ya sa uku?"

Ka kuma faɗi irin kayan, ba sunansa kawai ba, domin mai yiwuwa ba kai za a aika kasuwa ba. Ƙwallon ƙafa lamba 5 ce ta manya da 'yan sakandare, lamba 4 ta fi dacewa da 'yan firamare. Ka rubuta "mai ɗinkin zare" don ta gyaru nan gaba. Ragar ƙwallon raga faɗinta mita 1 ne, tsawonta mita 9.5 zuwa 10. In ka bar waɗannan a buɗe, wanda aka aika zai sayo mafi araha, wadda filin tsakuwa zai cinye cikin zango ɗaya.

Farashi

Kada ka rubuta farashi da ka. Ka shiga kasuwar Sabon Gari, ka tambayi shago biyu ko uku, kowanne ya rubuta maka farashinsa a takardar shagon da kwanan wata da hatimi in yana da shi. Mai walda kuma ka kawo shi fili ya ga turakun da idonsa kafin ya faɗi kuɗi, ya raba maka kuɗin ƙarfe da siminti da fenti daban, ladan aikinsa daban. Aikin da za a nema shi ne a yanke ruɓaɓɓen gindin, a yi ƙari da sabon bututu, a shafa jan fentin hana tsatsa kafin farin, a dasa cikin siminti ya ɗan ɗago sama da ƙasa don ruwa ya riƙa gangarewa.

Ba dole ne ka ɗauki mafi ƙarancin farashi ba, amma in ka ɗauki na tsakiya ka faɗi dalili a layi ɗaya. Abin da ba a yi shi ne ƙara kuɗi a kan kowane abu da tunanin ai za a rage. Ma'aji ma yana zuwa Sabon Gari. In ya kama abu ɗaya da ka ninka, duk sauran lissafin ya zama abin zargi, har na baɗi. In kana tsoron tashin kaya, ka rubuta a fili cewa farashin na ranar kaza ne kuma yana iya motsawa in an jima. Kuɗin Keke ko mota na ɗauko kaya shi ma ya sami layinsa, kada a ɓoye shi cikin kuɗin ƙwallo.

Jera bukatun hawa uku

Wannan shi ne ginshiƙin takardar. Ba kasafai shugaba ke da duka kuɗin a lokaci ɗaya ba. In ka ba shi jimla ɗaya dunƙule, zaɓinsa biyu ne, ya bayar ko ya ajiye, kuma ajiyewa ta fi sauƙi. In ka raba hawa uku, kowanne da jimlarsa, ka ba shi damar ya amince da na farko yau ya ɗage sauran.

Hawa na farko na abin da ke iya raunata yaro ne ko da ba a yin darasi: turakun gola da akwatin agaji. Na biyu na abin da darasin kowane mako ke tsayawa in babu shi. Na uku na abin da ake bukata don gasar gidaje. Lura cewa katifar tsalle, duk da haɗarinta, a hawa na uku take. Haɗarinta yana gushewa da zarar ka dakatar da tsallen sama, turke kuwa yana tsaye a fili ko kana nan ko ba ka nan. In ka cusa komai cikin "gaggawa", kalmar ta daina aiki.

Ginin takardar

Shafi ɗaya ya isa, jadawalin kaya da hotuna su zama maƙale a baya. A yawancin makarantun gwamnati da Turanci ake rubuta takardun ofis, a Islamiyya da wasu makarantun kuɗi kuma ana karɓar Hausa. Ko da wanne aka rubuta, tsarin ɗaya ne.

Adireshin sashenka da kwanan wata a sama ta dama, na shugaba a ƙasa ta hagu. Muƙaminsa ake rubutawa, ba sunansa ba, saboda takardar ta ofis ce, ko an yi masa canjin wurin aiki tana nan a fayil. In al'adar makarantarku ita ce takarda ta bi ta hannun mataimakin shugaba ko shugaban sashe, ka sa layin "ta hannun" ka kai masa ya sa hannu tukuna. Tsallake shi yana jawo takarda ta kwana a aljihun tebur ba tare da kowa ya ce maka a'a ba.

Kan magana ya ɗauki kuɗin da abin da za a yi da shi. Gaisuwa layi ɗaya. Sakin layi na farko ya faɗi bukatar kai tsaye, na biyu abin da aka gani a sito, na uku abin da hakan ke jawo wa ɗalibai, sai hawa ukun, sai abin da kai ka ɗauki alkawarin yi. Ga yadda za ta kasance. Kuɗin da ke ciki na misali ne don a ga yadda lissafi ke tafiya, kowa ya sa na kasuwarsa.

Sashen Motsa Jiki da Kiwon Lafiya,
(sunan makaranta), Zariya.
(kwanan wata)

Shugaban Makaranta,
(sunan makaranta), Zariya.

Ta hannun: Mataimakin Shugaba mai kula da mulki.

Ranka ya daɗe,

NEMAN AMINCEWA DA ₦355,000 DON GYARA DA SAKE KAYAN WASANNI DA SUKA LALACE

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman amincewarka da kashe ₦355,000 don gyara da sake kayan wasanni, a hawa uku kamar yadda aka jera a ƙasa. Hawa na farko, na ₦63,000, shi ne ba zai jira ba.

A ranar (kwanan wata) ni da mai kula da sito mun ƙirga kayan sashen muka gwada su da littafin sito. Cikin ƙwallon ƙafa 8, biyu ne ke aiki, 3 za su gyaru, 3 sun mutu. Cikin ƙwallon raga 3, ɗaya ta rage, ragarta kuma gara ta cinye. Tsatsa ta huda gindin ƙafa uku cikin huɗu na turakun gola. Soson katifar tsalle ya mutu. Akwatin agajin gaggawa babu bandeji, babu filasta, aidin ɗin ciki kuma ya wuce lokacinsa.

Kowane ajinmu yana da ɗalibai wajen 60. Da ƙwallo biyu, ɗalibi ba ya samun ko minti ɗaya na gwaji a darasi. Ana bukatar 6 a fili da 2 a ajiye. Na dakatar da tsallen sama, an kuma hana ɗalibai zuwa kusa da golar, kamar yadda na sanar da kai da baki.

Hawa na 1, kariyar ɗalibai, ₦63,000:
waldar turakun gola biyu da siminti da fenti, ₦45,000
kayan akwatin agajin gaggawa, ₦18,000

Hawa na 2, darasin mako-mako, ₦103,000:
ƙwallon ƙafa lamba 5 mai ɗinkin zare, 3 a kan ₦15,000, ₦45,000
gyaran ƙwallo 3 a kan ₦2,500, ₦7,500
ƙwallon raga 2 a kan ₦12,000, ₦24,000
ragar ƙwallon raga 1, ₦20,000
famfon hannu 1 da allura 5, ₦6,500

Hawa na 3, gasar gidaje, ₦184,000:
sabon soso da rigar tamfol na katifar tsalle, ₦150,000
sandunan gudun miƙa sanda, 6 a kan ₦2,000, ₦12,000
tef ɗin awo na mita 50, ₦10,000
farar ƙasa buhu 2 a kan ₦6,000, ₦12,000

Kuɗin ɗauko kaya, ₦5,000. Jimla, ₦355,000.

Ina roƙon a amince da hawa na farko cikin wannan mako, na biyu kafin hutun rabin zango, na uku kafin ƙarshen zango don a sami lokacin atisaye. In kuɗin makaranta ba zai ɗauki hawa na uku ba, ina neman izininka a gabatar da shi ga kwamitin kula da makaranta ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai.

Zan miƙa rasit na kowane abu cikin mako ɗaya da sayensa, a shigar da kayan littafin sito, a rubuta musu sunan makaranta, a kuma buɗe littafin aro da mayarwa. An maƙala jadawalin ƙidaya, takardun farashi daga shaguna uku da na mai walda, da hotuna.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
(sa hannu)
(cikakken suna)
Malamin Motsa Jiki

In shugabar mace ce, "Ranki ya daɗe" da "Naki mai biyayya", a kuma bi duk jimlolin a mayar da "amincewarka" da "izininka" zuwa nata. Ƙaramin abu ne, amma takardar da aka kwafo daga ta wani ba a gyara ba nan take ake gane ta.

Abin da ba a sawa

Kada ka ɗora laifi. Ko ka san cewa malamin da ka gada ne ya riƙa ba da aron ƙwallo ga 'yan unguwa, ko rufin sito ne ke yoyo shekara da shekaru ba a gyara ba, takardar neman kuɗi ba wurin wannan shari'ar ba ce. Ka ce "laima ta shiga sito", ka nemi kanta ko ƙusoshin rataye raga a bango, shi ke nan. Jimlar da ke cewa "na sha faɗa amma ba a ɗauki mataki ba" tana tilasta wa shugaba ya kare kansa a rubuce, kuma mutumin da ke kare kansa ba ya buɗe asusu. Haka ma gwada makarantarku da ta maƙwabta.

Kada ka yi barazana da haɗari, irin "in wani abu ya faru ba ruwana". Faɗin abin da ka gani da matakin da ka ɗauka, da kwanan wata, ya riga ya kare ka ba tare da ka furta ba.

Kada kuma ka ba da shawarar a aza wa ɗalibai kuɗi. A makarantar gwamnati karɓar kuɗi a hannun yara ba da izinin sama ba yana jefa shugaba cikin matsala, kuma ga shawarar a rubuce da sa hannunka. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da tsofaffin ɗalibai su ne ƙofofin da za ka ambata, kuma ta hannun shugaba ake bi musu. A nan Zariya tsofaffin makarantu irin su Barewa da Alhudahuda suna da tsofaffin ɗalibai masu yawa a ko'ina, sabuwar makaranta kuwa ta fi dogara da iyaye. Ko wacce ce taka, kada ka rubuta wa waɗannan ƙungiyoyi kai tsaye. A firamaren gwamnati kuma, abin da ya fi ƙarfin hedimasta ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma yake zuwa, don haka ka tabbatar takardarka za ta karantu ga wanda bai san makarantar ba, ka rubuta sunanta cikakke da unguwarta, tunda Zariya da Sabon Gari ƙananan hukumomi ne daban-daban.

Doguwar gabatarwa a kan amfanin motsa jiki ga lafiya ma a bar ta. Shugaba ya sani.

Lokacin miƙawa

Makarantu da yawa a zango na biyu suke gasar gidaje, wajen Fabrairu ko Maris, kafin zafi ya tsananta. Takardar da ta zo saura mako biyu gasa tana tarar da kuɗi ya riga ya tafi ga rumfa da kujeru da kyaututtuka, abin da ya rage sai a sayo kaya cikin gaggawa a kowane farashi. Lokacin da ya dace shi ne mako na biyu zuwa na huɗu na zangon farko. Damina ta kusa ɗaukewa, ɓarnar da ta yi a sito da gindin turaku tana nan a fili, kuma yawanci ba a riga an yi zaman iyaye da malamai ba. A makarantar kuɗi ka ɗan jira yawancin iyaye su biya kuɗin zango. Makon jarrabawa da ranar da masu duba makarantu suka zo ba ranakun kai takarda ba ne.

Kafin ka miƙa, ka sami shugaba na minti biyar ka faɗa masa da baki: "Ranka ya daɗe, mun ƙirga kayan wasa, akwai takarda da zan kawo, amma ina so ka ga gindin golar nan da idonka." In ya taka zuwa fili ya girgiza turken da hannunsa, hawa na farko ya kusa samuwa.

Ka buga kwafi biyu. Ɗaya ka miƙa, ɗayan magatakarda ya rubuta masa ranar karɓa ya sa hannu, ka ajiye a fayil ɗin sashe. Ka sake tara alƙaluman da kalkuleta kafin bugawa, don jimlar da ba ta yi daidai da layukanta ba ita ce mafi saurin dawo da takarda.

Bayan an miƙa

In mako biyu ya wuce shiru, ka tambayi mataimakin shugaba ina takardar ta tsaya, ba shugaba kai tsaye ba. In aka ƙara mako biyu, sai gajeriyar tunatarwa ta layi huɗu mai ambaton kwanan watan ta farko, da sabon farashi in ya canza.

In an amince da wani ɓangare, ka bi jerin da kai ka tsara. Idan ₦100,000 aka bayar, ₦63,000 na hawa na farko ne, ragowar ₦37,000 kuma ya isa gyaran ƙwallo uku, famfo da allura, da sabuwar ƙwallo ɗaya, wato ₦29,000, saura ₦8,000. Ka cire kuɗin ɗauko kaya, abin da ya rage ka mayar ko ka nemi izini a rubuce kafin ka taɓa shi. Kuɗin walda ba ya komawa sayen riguna don wasan sada zumunci ya taso. In bukata ta canza, sabuwar takarda ake yi.

Sayayya ku je ku biyu. A buga wa kowace ƙwallo iska a shago, a juya ta a duba ɗinki da bakin allura, a warware raga a auna ta da tef kafin a biya. Rasit ya nuna kowane abu da adadinsa da farashinsa, ba jimla kawai ba. Kaya su fara shiga sito a rubuta su kafin su taka fili. Sai takardar bayanin kashe kuɗi ta shafi ɗaya: abin da aka karɓa, abin da aka kashe, abin da ya rage, da rasit a maƙale, ka riƙe kwafinsu don tawadar wasu rasit tana gogewa.

Alkawarin kula da kaya da ka sa a takarda shi za a duba in ka dawo neman wani. Ƙwallo da famfon hannu ake cika ta, ba da injin mai faci ba, wanda ke tura iska fiye da kima ya buɗe ɗinki. Ƙa'idar lamba 5 ita ce awon iska 0.6 zuwa 1.1 a ma'aunin bar, kuma a filin tsakuwa ƙasa-ƙasan wannan ya fi mata. A jiƙa allura kafin a tura. Kada a bar ƙwallaye a rana ko dab da rufin kwano, zafin Maris da Afrilu yana busar da fata ta tsage, kuma in za a tafi dogon hutu a rage musu iska. Raga a sauke ta bayan wasa a rataye a ƙusa, katifa a ɗora ta a kan benci nesa da bango saboda gara. Gindin turaku kuma a sake tonawa a duba duk ƙarshen damina, a rubuta ranar a littafin sito.